Masu Niyyar PCEP, Ku Ɗaura Ɗamara: Mako Takwas Ya Isa

Ya ku matasa masu koyon Python, lokaci ya yi da za ku bar kallon bidiyo ku zauna gaban kwamfuta. Jarrabawar PCEP ta Python Institute tambaya 30 ce cikin minti 40, kuma sai mutum ya ci kashi 70 cikin 100 zai samu takardar shaida. Kowace tambaya ke nan tana da daƙiƙa 80. Yawancinsu 'yan layukan kod ne za a ajiye muku, a ce ku faɗi abin da za su fitar. Wanda bai saba bin kod da ido ba, lokaci zai ƙare masa yana inda-inda.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ɗauko kalanda yau ku raba makonnin. Mako na farko na tushe ne: nau'o'in bayanai, lissafi, `input()` da `print()`. Na biyu da na uku ku ba wa `if`, `while` da `for`, domin wannan sashe ya fi kowanne maki, kashi 29 cikin 100. Na huɗu da na biyar ku zauna kan `list`, `tuple`, `dict` da `str`. Na shida da na bakwai na `def`, `return`, `try` da `except` ne. A na takwas kada ku buɗe sabon darasi, gwaji kawai za ku yi ta yi da agogo a gefe.

Awa ɗaya a rana ta wadatar: minti 20 karatu, minti 30 buga kod da hannunku, minti 10 gajeren gwaji. Ƙa'idar ita ce, kafin ku kunna kowane kod, ku rubuta amsar da kuke zato a takarda. Ga misali:

```python
a = [1, 2, 3]
b = a
b.append(4)
print(len(a))
```

Da yawa za su ce 3, amsar kuwa 4 ce. Layin `b = a` bai kwafi komai ba, suna na biyu kawai ya raɗa wa jeri guda. Ku mayar da shi `b = a[:]` ku sake kunnawa, za ku ga 3. Duk inda takarda ta saɓa da allo, nan rauninku yake. Ku rubuta shi a littafin kurakurai tare da dalilinsa, ku sake gwada shi ranar Asabar.

Ku yi hattara da maimaita gwaji ɗaya har ku haddace amsoshinsa. Maki zai hau, amma in aka sauya lamba ɗaya sai ku faɗi. Ma'aunin shiri shi ne ku ci kashi 80 sau biyu a jere, a tambayoyin da ba ku taɓa gani ba. In ba ku kai ba, ku ƙara mako kafin ku biya kuɗin jarrabawa.

Kowa ya nemi abokin karatu, ku riƙa yi wa juna tambayoyi. Ku sa ranar farawa, kada ta wuce Litinin mai zuwa!