Ladabi daban, ɓoye buƙata daban

Jama'a, bari in ba ku labarin yadda ladabi ya ci min zango guda a karatun digiri na biyu, wataƙila wani ya tsira.

A zangon da ya wuce ina so a sa sunana cikin masu gabatar da semina. Sharaɗin shi ne malamin da ke duba aikina ya karanta babi na uku, ya sa hannu a fom, in kai wa kodineta kafin ƙarfe 12 na ranar Juma'a. Ran Litinin da dare na zauna a ɗakina a Farin Gada, sanyin Jos yana kaɗa ni, na yi kusan rabin awa ina gyara saƙo ɗaya. Ga abin da na tura:

"Barka da dare, ranka ya daɗe. Da fatan an wuni lafiya, ya iyali, ya fama da mu? Dama na ɗan turo wani abu ne, duk lokacin da Malam ya samu sarari sai a ɗan duba. Babu gaggawa. Allah ya ƙara girma."

Ku sake karantawa. Babu babi na uku a ciki, babu fom, babu Juma'a. Har ƙarya na yi, na ce babu gaggawa. Malam ya amsa da "To, madalla", ya yi tafiyarsa, ya dawo bayan kwana goma ya karanta aikin tsaf. Lokacin an rufe jerin suna. Da na je ofishinsa ina ta kame-kame, tambaya ɗaya ya yi min: me ya hana ka faɗa min ranar? Wallahi ban da amsa. Laifin nawa ne ɗari bisa ɗari.

Abin dariyar, a daren nan na tura wa abokina cewa: "Mutumina, akwai matsala fa. In oga bai sa hannu a fom ɗin nan kafin 12 na Juma'a ba, na rasa semina." Wato wanda ba zai iya yi min komai ba shi ya samu cikakken bayani, wanda sa hannunsa nake nema kuma ya samu gaisuwa zalla.

Ra'ayina tun daga ranar shi ne: saƙo yana da jiki, yana da riga. Rigar ce ake canjawa gwargwadon wanda za a je gabansa. Jikin ba a taɓa shi. Kuma jikin abu huɗu ne kawai: mene ne abin, yaushe, a ina ko nawa, sannan me nake so wannan mutumin ya yi. In ɗaya daga ciki ya faɗi a hanya saboda kunya, to ba saƙon ka tausasa ba, wani saƙo ka aika.

Ga yadda ya kamata in rubuta wa Malam:

"Barka da yamma, ranka ya daɗe. Ɗalibinka ne na digiri na biyu, wanda ya turo babi na uku ta imel yau da safe. Sanarwar sashe ta ce za a rufe karɓar fom ɗin semina ranar Juma'a da ƙarfe 12, kuma sai da sa hannun Malam. Ina roƙon in da hali Malam ya duba kafin nan. Zan iya kawo fom ɗin ofis a Naraguta ranar Laraba ko Alhamis, duk wadda ta yi wa Malam. A gafarce ni da na turo a ƙurarren lokaci. Na gode."

Ku lura da abin da ya canja tsakanin wannan da na abokina. An fara da gaisuwa, amma ɗaya, ba huɗu ba. Na gabatar da kaina, don mai ɗalibai da yawa ba lallai ya ajiye lambata ba. Ban ce "ka duba" ba, na ce "Malam ya duba", don a Hausa kauce wa "kai" da "ka" ga babba shi kansa girmamawa ne, wasu kuma "ku" suke sawa ko su ce "a duba". Umarni ya koma roƙo. Amma Juma'a tana nan, ƙarfe 12 yana nan, fom yana nan.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa min a aji: ai ba tarbiyyarmu ba ce yaro ya yanka wa babba wa'adi. Gaskiya ne, kuma ban ce a yi hakan ba. Dabarar ita ce ka mayar da wa'adin ga mai shi. Ba ni na ce Juma'a ba, sanarwar sashe ce ta ce, ni ɗan aike ne. Sannan ka bar masa zaɓi a inda zaɓi yake da gaske, kamar Laraba ko Alhamis. A ganina rashin ladabin ma shi ne ka ɓoye wa dattijo ranar, sannan ka dawo ranar Alhamis da dare kana kiransa sau biyar.

Haka abin yake a gida. In ragowar kuɗin makaranta naira 45,000 ne, kuma ranar 20 ga wata za a rufe biya, abokinka za ka ce masa "Ɗan uwa, 45 ta rage min, 20 ga wata za a rufe, ko da rance ne." Kawu kuwa sai ka gaishe shi, ka tambayi mutanen gida, ka faɗi abin da ka riga ka biya, sannan ka ambaci 45,000 ɗin da ranar. In ka tsaya a "abubuwa sun ɗan yi wuya, Kawu", zai turo maka dubu biyar da addu'a, kuma bai yi laifi ba.

Wani abu kuma da ya shafi Jos musamman. A garin nan Hausa ce ke haɗa Birom da Angas da Jarawa da Bahaushe da Bafulatani, amma ba kowace kalmar girmamawa ce ta dace da kowa ba. "Allah ya gafarta Malam" ta malamin addinin Musulunci ce asali. In ba ka san mutum sosai ba, "ranka ya daɗe" ko "ranki ya daɗe" ba ta ba da kunya, haka ma kiransa da muƙaminsa, Dakta ko Farfesa. "Baba" da "Mama" suna da daɗi a baki, amma a rubuce zuwa ofis ka bari sai su sun buɗe maka wannan ƙofar. Saƙon murya na minti uku kuma ka bar wa abokai, don babba ba zai iya komawa ya laluɓo ranar a ciki ba.

Kada kuma a ɗauka ɓangaren aboki babu haɗari. Can gajartawa ce ke cinye saƙon. "Mu haɗu anjima a makaranta" ta taɓa sa ni tsayuwa a harabar titin Bauchi, shi yana Naraguta yana jirana, kowa yana jin haushin kowa.

Yanzu kafin in tura wa babba saƙo, gwaji ɗaya nake yi. Sai in rufe gaisuwa da godiya da yatsa, in karanta abin da ya rage. In wanda bai san zancen ba zai iya faɗin abin, da ranar, da wurin, da abin da ake so a yi, sai in tura. In ba zai iya ba, in sake.

Seminata dai sai wannan zangon. Fom ɗin yana hannun kodineta tun ranar Talata. In akwai wanda kunya ta taɓa yi wa irin wannan, ya faɗa mana, kada in zama ni kaɗai.