Mu daina rubuta "yau kaɗai"

'Yan uwa marubuta, in mai taki ya ba mu rubutun bidiyon talla, mu daina cika shi da "yi sauri, yau kaɗai!" Wasu za su ce haka talla take. To, manomin Bakori ya san kuɗin buhun yuriya a Funtua tun kafin ya buɗe waya. In "yau" ɗinmu ta kwana bakwai, ya gama yarda da mu.

In za mu kwatanta farashi, buhun ya zama iri ɗaya, mai kilo 50, mu haɗa da kuɗin mota zuwa Malumfashi. Wa'adi kuma ya zo da dalilin gaskiya: "Wannan tsohon lodi ne, na Litinin zai zo da sabon kuɗi." Mu faɗa sau ɗaya, mu nuna buhunan, mu bar manomi ya yi lissafinsa.