Masu haɗa PowerPoint a waya, a fara da Slide Master kafin a rubuta komai

Duk lokacin da kare furojet ya gabato a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ko kwalejin kiwon lafiya ta Jega, matsala ɗaya ke maimaita kanta a jikin majigi. Tambarin makaranta yana kusurwar dama a shafi na biyu, a na uku ya ɗan gangaro, a na bakwai ya hau kan take. Dalili shi ne an manna shi da yatsa shafi bayan shafi, kuma yatsa ba ya sauka wuri ɗaya sau ashirin.

Maganin yana cikin PowerPoint ɗin kansa, sunansa `Slide Master`, wato uwar shafuka. Abin da aka ɗora a kanta, sauran shafuka suna gadonsa. Sai dai manhajar PowerPoint ta waya ba ta buɗe wannan wurin, tana dai bin abin da aka riga aka tsara. Don haka ya kamata mai aiki da waya ya nemi kwamfuta sau ɗaya, tun kafin ya rubuta kalma ta farko.

A ɗauki misalin ɗaliba daga Maiyama mai shafuka 24. Malaminta ya ce a mayar da tambari hagu, a ƙara sunan sashe a ƙasa. Idan mannawa ta yi, gyara 48 ke jiranta a daren difens. Idan a uwar shafuka ta tsara, gyara biyu ne.

Ga yadda ake yi. A fara zaɓar girman shafi a `Design > Slide Size`, domin sauya shi daga baya yana iya miƙe tambari ya karkace. Sai a shiga `View > Slide Master`. A gefen hagu za a ga babban shafi ɗaya a can sama, da ƙanana a ƙarƙashinsa. Babban shi ne uwar, ƙananan kuma su ne tsare-tsaren da ake kira `Layout`. Nan mutane da yawa ke faɗawa rami, domin PowerPoint yana buɗewa ne a kan ƙaramin da shafin mutum ke amfani da shi. Dole a gungura sama a danna babban, sannan a saka tambari ta `Insert > Pictures`. A nan kuma za a ja akwatin take zuwa inda ake so, a rage faɗinsa yadda dogon take ba zai taɓa tambari ba. Wanda ya ga tambari ya fito a wasu shafuka ya ɓace a wasu, to a kan ƙaramin ya ɗora shi.

Rubutun ƙasa yana da nasa tarkon. Uwar shafuka wurinsa da girmansa kawai take tsarawa. Kafin ya bayyana sai an danna `Close Master View`, a shiga `Insert > Header & Footer`, a zaɓi `Slide number` da `Footer`, a rubuta sunan sashe, a danna `Apply to All`. Zaɓin `Don't show on title slide` yana barin shafin farko fes.

Gwajin mai sauƙi ne. A koma shafi na yau da kullum a taɓa tambari. Idan ya ƙi zaɓuwa, aiki ya yi. Idan ya zaɓu, manne yake, sai a goge shi.

Akwai iyaka. Taken da aka riga aka ja da hannu ba zai bi uwar ba sai an danna `Home > Reset`. Wanda aka rubuta cikin `Text Box` kuwa ba zai bi ba ko da an danna, sai an mayar da shi cikin akwatin take na asali. Shi ya sa yin tsarin da farko ya fi gyara daga baya arha.

Wani zai ce ba kowa ke da kwamfuta ba, ga kuɗin shago ga rashin wuta. Gaskiya ne. Amma wannan aikin zama ɗaya ne, fayil ɗin kuma ana iya tura shi ga aji guda ta WhatsApp, kowa ya cika nasa a waya ta hanyar zaɓar `Layout`. Wanda ya ƙi biya yanzu, yakan biya mai shago ya gyara masa shafuka ɗaya bayan ɗaya ana gobe difens.

Nauyin ma bai kamata ya tsaya a kan ɗalibi ba. Kowane sashe zai iya tsara fayil ɗaya mai tambari da rubutun ƙasa, ya ajiye shi a matsayin `.potx` don masu kwamfuta da `.pptx` don masu waya, ya raba tun ranar da aka ba da batun furojet.