Yadda Bhaskara Ya Ƙirga Tagwayen Lambobi, da Abin da Tattabara Za Ta Koya Mana

A shekarar 1150, wani masanin lissafi da taurari na ƙasar Indiya mai suna Bhaskara, wanda aka haifa a 1114, ya rubuta littafin lissafi da ake kira Lilavati. Da baitoci ya tsara shi cikin harshen Sanskirit, domin ɗalibi ya haddace. Can wajen ƙarshen littafin akwai babi a kan jera lambobi, kuma a nan ya jefa wata tambaya mai kama da wasan yara: in an ba ka 2, 2, 1, 1, lambobi nawa daban-daban za ka iya haɗawa da su huɗun?

Da a ce huɗun nan kowacce daban take, da aikin bai da wuya. Ɗauki KANO. Gurbin farko haruffa huɗu ne ke neman sa, na biyu saura uku, na uku saura biyu, na ƙarshe wanda ya rage ne zai shiga. 4 × 3 × 2 × 1 ya ba da 24, kuma a takaice ana rubuta shi 4!, da alamar motsin rai a gaban lambar. Wannan ɓangaren an daɗe da saninsa. Tun ƙarni na takwas Khalil bn Ahmad na Basra ya yi aiki da shi a ƙamusunsa Kitabul Aini, inda yake juya baƙaƙen tushen kalmar Larabci: tushe mai baƙi uku fuska shida gare shi, mai huɗu 24, mai biyar 120.

Amma 2, 2, 1, 1 akwai tagwaye a ciki. In ka sauya wa 2 ta farko wuri da 2 ta biyu, ba abin da ya canja a kan takarda. Amsar Bhaskara shida ce: 1122, 1212, 1221, 2112, 2121, 2211. Ƙa'idarsa kuwa ita ce a fara ƙirgawa kamar duka daban suke, sannan a raba da yawan hanyoyin da kowane rukunin masu kama zai iya juyawa a tsakaninsa. Wato 24 a raba da 2, a sake rabawa da 2.

Ɗalibai da yawa suna haddace wannan su wuce, kuma nan ne nake ganin ana yi musu ƙwange, domin dalilin rabawar shi ne dukan darasin. Kalmar KAKA sifarta ɗaya da lambobin Bhaskara: K biyu, A biyu. Ka rubuta K ɗaya da jar tawada, ɗaya da baƙa, haka ma A. Yanzu haruffa huɗu ne mabambanta, jerinsu 24. Sai ka dubi waɗanda in an manta da launi duk KAKA za a karanta. Jar K na iya zuwa farko ko baƙar, hanya biyu ke nan. A kowacce daga cikinsu kuma jar A na iya rigan baƙar ko ta biyo ta, wata hanya biyun. Biyu sau biyu, huɗu. Jerin AKKA ma huɗu ne ke ɓuya a bayansa, haka KKAA, haka sauran. Tunda kowane jeri na gaskiya an ƙirga shi sau huɗu cif, ba wanda ya fi wani, raba 24 da 4 ya halatta. Wannan daidaiton shi ne sharaɗin.

Mu gwada da kalma mai ɗan nauyi, TATTABARA. Haruffa tara ne: A huɗu, T uku, B ɗaya, R ɗaya. Kafin komai a tara a gani, 4 da 3 da 1 da 1 tara ne, ba a tsallake ko ɗaya ba. Da duka daban suke, 9! zai ba da 362,880. A huɗun nan suna iya juyawa a tsakaninsu ta hanya 24, T ukun ta hanya 6, kuma juyin waɗannan bai hana na waɗancan ba, saboda haka ninkawa ake yi: 24 × 6 = 144. Raba 362,880 da 144, ka sami 2,520.

Ana iya tabbatar da amsar ta wata hanya da ba ta taɓa babbar lambar ba. Shimfiɗa gurabe tara. Zaɓen huɗu daga cikinsu domin A yana da hanya 126. Cikin biyar da suka rage, zaɓen uku domin T hanya 10. Saura gurbi biyu, B ya ɗauki ɗaya, R ya shiga ɗayan, hanya 2. 126 × 10 × 2 ya sake ba da 2,520.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a raba da yawan harafin, maimakon yawan juyinsa: a ga A uku sai a raba da 3, alhali da 6 ya kamata. Abin da ya sa yake daɗewa a kan yaro ba a gano ba shi ne, in harafin sau biyu kawai ya fito, 2 da 2! duk abu ɗaya ne, sai amsa ta yi daidai bisa sa'a. Misalin Bhaskara na biyu maganin wannan ne: 4, 8, 5, 5, 5, amsarsa 20. Kalmar ASARA ita ce takwararsa a wurinmu. Harafin S yana da gurbi biyar da zai zauna, R yana da huɗu, A ukun kuwa su cike abin da ya rage ba tare da wani zaɓi ba. Biyar sau huɗu ashirin. Wanda ya raba 120 da 3 zai sami 40, kuma in aka ce ya rubuto su a allo, a na ashirin zai tsaya. Akwai kuma mai tara 24 da 6 maimakon ya ninka. A TATTABARA zai sami 12,096, lamba cikakkiya ba ragowa, shi ya sa ba abin da zai fargar da shi. Rashin ragowa ba shaida ba ce. Duk ƙa'idar da ake shakka a kanta, a gwada ta da KAKA ko ASARA, inda hannu zai iya ƙirgawa.

Mai aiki da kalmomin Hausa yana da wata shawara da zai yanke tun kafin ya ɗauki alƙalami: me ake kira harafi? TSATSA, in an ɗauki ts a matsayin baƙi guda kamar yadda ake koyarwa a ajin Hausa, sifar KAKA ce da ita, jeri shida. In kuwa T daban S daban, haruffa shida ne, kowanne sau biyu, 720 a raba da 8, jeri 90. Haka ƘARKO tana da 120, amma wanda ya yar da ƙugiyar ya ƙirƙiro tagwayen K, ya koma 60. Mai tsara tambaya shi ya kamata ya fayyace wannan, kada a bar ɗalibi da canke.

Iyakar ƙa'idar kuma tana fitowa ne daga sharaɗin nan na daidaito. A ce haruffa biyu kawai za a zaro daga KAKA a jera. Mai gaggawa zai ce 4 × 3, a raba da 4, amsa uku. Amma ga su nan: KK, KA, AK, AA, huɗu ne. In ka koma ga tawada mai launi za ka ga inda gizo ke saƙa. Cikin jeri 12, KA ya fito sau huɗu, AK sau huɗu, amma KK sau biyu kawai, AA ma sau biyu. Kason bai zo ɗaya ba, don haka babu lamba guda da za a raba da ita. A irin wannan tambayar sai a rarraba aikin gida-gida: gidan da haruffan biyu iri ɗaya ne, jeri biyu, gidan da suka bambanta, jeri biyu, sannan a tara.