Sanarwa ɗaya, baki uku: Facebook daban, LinkedIn daban, X daban

1/ Zare 🧵 Masu riƙe wa ƙungiyoyi da 'yan kasuwa shafi a Kebbi, ku matso. Kwafo sanarwa ɗaya a liƙa ta a Facebook, LinkedIn da X ba saurin aiki ba ne, asara ce. A wuri ɗaya za a karanta ta, a sauran biyun a wuce ta kamar ba a gani ba.

2/ Ra'ayina a taƙaice: bayanan sanarwa ba sa canzawa ko da harafi ɗaya. Abu biyu ne ke canzawa, layin farko da abin da kake roƙon mai karatu ya yi. Wanda ya gane wannan ya gama rabin aiki. Bari mu gwada da abin da duk ɗan Kebbi ya sani.

3/ Bikin Kamun Kifi na Argungu. An faro shi a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gabar Kabi da Sakkwato. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. A 2020 ya dawo bayan hutun kusan shekara goma.

4/ Yanzu a ce wata ƙungiyar matasa a Birnin Kebbi ta ɗauki hayar bas uku masu kujera 18, za ta kai 'yan kallo Argungu. Misali ne kawai. Zan sa ranar bikin 2020, Asabar 14 ga Maris, don kada wani ya ɗauka sanarwar bana ce ya fara neman inda zai tura kuɗi 😅

5/ Kafin ka buɗe kowace manhaja, rubuta ƙashin bayan sanarwar a wuri ɗaya:

Me: mota zuwa Argungu da dawowa
Yaushe: Asabar 14 ga Maris, 6:00 na safe
Ina: filin wasa na Haliru Abdu
Nawa: N5,000
Kujera: 54
Rufe rajista: Alhamis 12 ga Maris

6/ Waɗannan layuka shida su ne amana. Daga nan za ka riƙa kwafowa, ba daga ƙwaƙwalwarka ba. Sai ka tambayi kanka: a kowane dandali, wa nake nema, kuma me nake so ya yi? A misalinmu, Facebook fasinja muke nema. LinkedIn, mai tallafi. X, mai yaɗa labari.

7/ FACEBOOK. Nan ne mutanen gari suke: abokan makaranta, 'yan unguwa, yayye da iyaye. Su ne za su biya N5,000 ɗin. Don haka da Hausa za ka yi magana, kamar kana zaune da su a majalisa, kuma ka amsa tambayoyinsu tun kafin su yi.

8/ Ga yadda za ta fita:

"Masu son ganin kamun kifin Argungu amma ba mota, an yi muku tanadi. Asabar 14 ga Maris, tashi 6:00 na safe daga filin wasa na Haliru Abdu, N5,000 zuwa da dawowa. Kujera 54 ce kacal...

9/ ...Bas ɗaya ta mata ce da yara. Za mu tsaya kusa da Matan Fada inda ake kamun, in lokaci ya bari mu leƙa Gidan Tarihin Kanta, mu dawo kafin magariba in sha Allah. Rajista na rufewa Alhamis 12 ga Maris. A kira [lambar waya]. A tura wa wanda ya dace."

10/ Lura: rana, wuri da kuɗi suna saman rubutun. Facebook na yanke doguwar magana ya sa "See more", kuma ba kowa ke dannawa ba. In ka fara da sallama layi uku da gaisuwar shugabannin ƙungiya, ka binne sanarwar da hannunka.

11/ Lura ta biyu: maganar bas ɗin mata da dawowa kafin magariba ba ƙawa ba ce. Ita ce za ta sa uwa ta bar 'yarta ta je. Sannan kada ka jefa fosta kawai ka tafi. In sabis ya yi rauni hoto ba ya buɗewa, rubutu kuwa yana fitowa. Abin da ke fosta ya kasance a rubuce ma.

12/ LINKEDIN. A nan kuskuren ya fi yawa. Kusan ba wanda zai sayi kujerar bas daga LinkedIn. Waɗanda ke can ma'aikatan banki ne, na kamfanonin waya, na ƙungiyoyin raya ƙasa, da 'yan Kebbi masu aiki a Abuja da Legas. Ka ce musu "a hanzarta kujera na ƙarewa", ka yi magana da bango.

13/ Abin da za su iya ba ka tallafi ne. To roƙon ya canza:

"Muna neman kamfani ɗaya da zai ɗauki nauyin ruwan sha da riguna na matasa 54 da za mu kai Bikin Kamun Kifi na Argungu daga Birnin Kebbi, Asabar 14 ga Maris...

14/ ...Bikin yana cikin jerin al'adun gado na UNESCO tun 2016. Kowane matashi ya biya kuɗin motarsa, N5,000. Mai tallafi zai samu sunansa a riguna da jikin bas uku, da rahoton hotuna da lissafin kuɗi mako ɗaya bayan tafiyar. A tuntuɓe mu kafin Alhamis 12 ga Maris: [imel]."

15/ Ka ga bambanci? Ɗan Birnin Kebbi ba ya buƙatar a gaya masa darajar bikin, ya san homa da gora tun yana yaro. Manaja a Legas kuwa sai da wannan layi na UNESCO zai iya kare kuɗin a gaban ogansa. Kuma shi tambayarsa ɗaya ce: me zan samu, kuma wa zai ba ni lissafi?

16/ LinkedIn na ba ka haruffa 3,000, amma shi ma yana yanke rubutu bayan layuka kaɗan na farko. Don haka roƙon ya zo a jimlar farko. Na rubuta ta da Hausa a nan don mu gani tare. In wanda kake nema ba ya jin Hausa, wannan ce za ka fassara, ba ta Facebook ba.

17/ X. Asusun da ba na biya ba haruffa 280 yake da su. Kowane linki 23 ake ƙirga masa komai tsawonsa, kowane emoji biyu. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ ɗ ƙ, ɗaya ɗaya ne kamar sauran, don haka ba uzurin zubar da su.

18/ Ga ta:

"Mota zuwa Bikin Kamun Kifi na Argungu: Asabar 14 ga Maris, tashi 6:00 na safe daga filin wasa na Haliru Abdu, Birnin Kebbi. N5,000 zuwa da dawowa. Kujera 54 kacal, rajista na rufewa Alhamis 12 ga Maris. [linki]"

Ta shige har da saura.

19/ Dubi abin da aka ƙara duk da ƙarancin wuri: "Birnin Kebbi". A Facebook ban sa ba, don mabiyan shafin sun san filin. Rubutun X kuwa yawo yake, yau yana Kano gobe Yamai, a hannun wanda bai san ku ba. Dole ya tsaya da ƙafarsa, ko an ɗauke shi sikirinshot an jefa a guruf.

20/ Shi ya sa yanko farkon rubutun Facebook a liƙa a X ba ya aiki. Sai ka ga magana ta katse a tsakiya, kuɗi ya fito rana ba ta fito ba. Gwaji mai sauƙi: miƙa wa ƙaninka wayar na daƙiƙa biyar, ka karɓe, ka tambaye shi yaushe, a ina, nawa. In ya rasa ɗaya, sake rubutu.

21/ Na san abin da wasu za su ce: "Malam, rubutu uku ai ƙofar saɓani uku ce." Suna da gaskiya, kuma nan ne haɗarin yake. A ce direbobi sun ce tashi ya koma 5:30. Ka gyara a Facebook, ka manta X. Mutum ya zo 6:00 da rasit a hannu, ya tarar da ƙura.

22/ Wannan mutumin ba zai ce an yi mantuwa ba, cewa zai yi an damfare shi, kuma a fili zai faɗa. Amma maganin ba komawa kwafa da liƙawa ba ne. Ko rubutu iri ɗaya ka liƙa, wuri uku ne dai za ka bi ka gyara. Maganin shi ne layuka shidan nan na farko, da tsarin gyara.

23/ Tsarin: fara gyara ƙashin bayan. Facebook da LinkedIn suna barin ka gyara rubutu, to rubuta "GYARA: tashi 5:30" a layin farko, kada ka canza a ɓoye. Wanda ya riga ya karanta ba zai dawo yana laluben abin da ya sauya ba. Fostar ma a sake ta.

24/ A X, gyaran rubutu na masu biya ne, su ma na ɗan lokaci. Don haka fitar da sabo mai ɗauke da cikakken bayani, ka maƙala shi a saman shafi, sannan ka goge tsohon don kada a ci gaba da yaɗa shi. Waɗanda suka riga suka biya kuwa, waya za ka buga musu. Mutum 54 ba su fi ƙarfin kira ba.

25/ Wasu kuma za su ce ba lokaci. To ba dole ne ka shiga duka ukun ba. In ba ka neman mai tallafi, bar LinkedIn ta huta. Sanarwar da ba ta da roƙon da ya dace da mutanen wuri, gara ba a kai ta can ba. Cika shafi ba shi ne isar da saƙo ba.

26/ Ai ko a Argungu, yadda Sarkin Ruwa zai yi wa masunta bayani a bakin Matan Fada daban, yadda za a rubuta wa baƙon Abuja takardar gayyata daban, amma ranar kamun ɗaya ce. Kafin ka danna turawa, jera ukun gefe da gefe ka duba rana, lokaci, wuri da kuɗi. In sun yi daidai, bismillah.