Tambayar da ba ta san Bagega ba

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo a takardun jarrabawar ɗaliban likitanci. Saurayi ɗan shekara 22 yana jin muryoyi, yana zargin maƙwabta, ya daina wanka wata bakwai. Ɗalibi bai gama karanta layi na biyu ba ya zaɓi sikizofireniya, ya ci maki. Irin wannan tambaya hadda take aunawa, kuma illarta kan majinyaci take faɗawa, domin tana koya wa likitan gobe cewa duk wanda aka kawo yana sambatu a karon farko ciwonsa ɗaya ne.

Yammacin Zamfara ya isa hujja. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma, daga baya kuma Bagega, inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Yara kusan 400 suka rasu. Yara gubar ta fi kashewa, amma babban da ke shaƙar ƙurar injin niƙa kullum shi ma tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Idan irinsa ya faɗa hannun likitan da aka horar da waccan tambaya, allurar kwantar da hankali za a yi masa a sallame shi, ya koma bakin injin.

Ga yadda tambayar da ta san ƙasarta za ta kasance. An kawo saurayi ɗan shekara 24 daga wani ƙauyen Anka, mai aikin niƙa dutse. Kwana 10 ke nan yana magana shi kaɗai, yana cewa ana binsa. Da safe yakan gane 'yan'uwansa, da dare kuwa bai san inda yake ba. Wata biyu yana fama da murɗar ciki da taurin bayan gida. Zafin jikinsa 36.8, wuyansa bai sanƙare ba, idonsa ya yi fari, wuyan hannunsa na dama ya saki. Wane gwaji ne zai fi bayyana musabbabin ciwon? Zaɓi biyar: awon dalma a jini, neman ƙwayoyi a fitsari, gwajin zazzaɓin cizon sauro, ɗibar ruwan ƙashin baya, hoton ƙwaƙwalwa.

Kowane layi yana da aikinsa. Kwana 10 bai kai wa'adin sikizofireniya ba, wanda ICD-11 ya ajiye a wata ɗaya, DSM-5 kuma a wata shida. Hankalin da ke zuwa yana tafiya alamar ɗimuwa ce, ita kuwa ɗimuwa tana nuna cewa ciwon daga jiki ya taso. Zaɓuɓɓukan kuskuren ma ba na cika takarda ba ne. Taramol yana haddasa ruɗewa da taurin bayan gida, sai dai ba ya bayanin ƙarancin jini da sakin hannu. Rashin zazzaɓi da sakakken wuya sun raunana sanƙarau. Gwajin cizon sauro yana iya nuna ƙwayar cuta a jinin mutumin da ba ita ke damunsa ba. Hoton ƙwaƙwalwa yana iya nuna kumburi, ba zai faɗi sanadinsa ba. Dalma kaɗai ta ɗaure ciki da jini da jijiya da ƙwaƙwalwa a igiya ɗaya.

Masu kare tsohuwar tambaya za su ce taɓin hankali daga dalma ba kasafai yake samun manya ba, kuma jarrabawa abin da aka fi gani ya kamata ta auna. Rabin maganar gaskiya ce. Idan duk tambayar da ta ambaci Anka amsarta dalma ce, an musanya wata hadda da wata. Maganin shi ne a rubuta tambayar da tagwayenta. A wata takardar a kawo mai niƙa dutse da ya yi wata takwas yana janye jiki daga mutane, hankalinsa garau kan wuri da lokaci, cikinsa da jininsa lafiya, amsar ta zama sikizofireniya. A wata kuma a kawo matar Gummi da ta ruɗe kwana shida bayan haihuwa, a bar ma'aunin zafin jiki ya raba tsakanin taɓin hankalin jego da cutar da ta shiga jini. Da haka ɗalibi zai gane cewa sunan gari bai isa ganewar ciwo ba.

Kafin tambaya ta shiga takarda, mai tsara ta ya rufe zaɓuɓɓukan da tafin hannu ya miƙa wa abokin aiki. Idan ya kasa kaiwa ga amsa daga labarin kaɗai, labarin bai cika ba. Idan kuwa ya amsa tun daga layin farko, a sake rubuta ta.