Gemu A Ajin Mata

Idan aka ce mu rubuta wa 'yan ajin yaƙi da jahilci kalmar ƙarfafa gwiwa, abin da ke fara zuwa bakinmu shi ne "gemu ba ya hana ilimi". Karin maganar gaskiya ce. Amma a kai ta ajin mata a Kiyawa, inda dattijuwa mai ƙuli-ƙuli ta ajiye tsalle ta zo ta zauna, wane gemu ake nufi? Ko dattijon ma, shekarunsa muka fara tuna masa kafin ya riƙe fensir.

Mu dai mun fi son "sannu ba ta hana zuwa". Ba ta tambayi shekarun kowa ba. Sannan a duba tsakiyarta: ba, ta, ha, na. Gaɓoɓi huɗu, wasali ɗaya. Malama ta rubuta su a allo, kafin a tashi Inna ta haɗa "baba", "bana", "nata", har da "haba". Maganar da ta sani tun tana yarinya, yau ta karanta rabinta da idonta, ba wanda ya karanta mata.

Sauran rabin, wato "sannu" da "zuwa", a bar shi sai an zo kan wasalin u.